Malam Safiyanu da Sashe na Tara

Malam Safiyanu mutumin Wurno ne, wadda ke kusa da Birnin Kudu, amma rabin rayuwarsa a cikin garin Birnin Kudun ya yi ta. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da nahawu, Hausa da Turanci duka, har ɗalibai suka sa masa suna Malam Wa-ya-yi, don ba ya wuce jimla bai tsaya ya tambaya ba: wa ya yi, wa aka yi wa? Siriri ne, mai ƙaramar murya, ba ya son hayaniya. Matarsa Batulu ta rasu shekara biyu kafin ya yi ritaya, 'ya'yan kuma duk sun watse, daga mai aure a Kano sai mai aiki a Dutse. Da ya ajiye alli sai ya ga gidan ya yi masa faɗi.

A lokacin ne Barista Nasiha ta neme shi. Tsohuwar ɗalibarsa ce, ta buɗe ɗan ofishin lauya mai ɗaki biyu a cikin gari. Yawancin masu zuwa wurinta manoma ne da 'yan kasuwa, kuma da yawa sukan ce a rubuta musu yarjejeniya da Hausa, don abin da za su sa wa hannu su ji shi da kunnensu.

Ta ce masa, "Malam, shari'a tawa ce, harshe naka ne. Ina so duk takardar da za ta fita daga nan ka bi ta, kada a bar 'shi' ko 'ya' ko 'nasa' da ba a san mai shi ba. Amma sharaɗi ɗaya. Ma'ana ba taka ba ce, ba tawa ba ce, ta masu yarjejeniyar ce. In ka ga wuri yana ɗaukar fassara biyu, kada ka zaɓar musu. Ka sa alama ka jira ni."

Ya yi murmushi ya ce, "Yau kuma ke ce ke ba ni darasi."

Aikin ya karɓe shi. Yana da jan biro da baƙi. In ya ci karo da wakilin suna wanda zai iya komawa kan mutum biyu, sai ya bi sauran sassan takardar yana neman inda ta fayyace kanta. In ya samu, ya cire wakilin sunan ya sa sunan da takardar ta ba mutumin tun daga farko, mai saye ko mai sayarwa, mai gida ko ɗan haya, ya kuma rubuta lambar sashen da ya dogara da shi a gefe da baƙin biro. In bai samu ba, sai ya ja layi da ja, ya rubuta tambaya. Akwai kuma irin zancen da shi da kansa ya sa wa suna zance mai lilo, wato a buɗe jimla da aiki ba a faɗi mai yin sa ba, a bar shi yana reto har ya manne wa wanda bai dace ba. Kalmomin da ke ɗaure mutum kuwa, irin su "zai", "zai iya", "dole", "ba zai ba", ko da wasa ba ya taɓa su. Shekara huɗu yana haka, ba a taɓa dawo da takarda ba saboda gyaransa.

Wata Litinin da damina ta kusa ƙarewa, Alhaji Ashiru ya shigo da takarda shafi huɗu, rubutun hannu. Attajiri ne na ƙasar Gwaram, yana da fadama a Maruta wadda ta yi shekaru ba a noma ta. Ya ba wani mutum mai suna Jafaru hayarta na shekara goma. Jafaru daga gidan masu shanu ya fito, irin waɗanda suka zauna suka haɗa kiwo da noma. Shi zai share fadamar, ya haƙa rijiyoyin ban-ruwa, ya dasa itatuwa. An yi maganar a zauren mai unguwa, ɗan ƙanin Alhaji mai suna Kamaluddeen ya rubuta, aka karanta wa kowa. Yanzu Alhaji yana so a buga ta tsaf a ofishin lauya kafin a sa hannu.

Barista ta duba ta, ta miƙa wa Malam. Ta ce Laraba za ta tafi Dutse, tana da shari'a ta kwana biyu, za a sa hannu Juma'a da safe.

Ya zauna kanta yini guda. Wuri goma sha ɗaya ya samu. Sashe na shida ya ce: "Mai haya zai sanar da mai gona kafin ya sare itace, kuma zai dasa wani a madadinsa." Wa zai sare, wa zai dasa? Ya koma sashe na uku, inda aka ce mai gona ba zai yi kowane irin aiki a fadamar ba muddin hayar tana tafiya. Ke nan mai haya ne. Ya rubuta: "Kafin mai haya ya sare itace, mai haya zai sanar da mai gona, kuma mai haya zai dasa wani itacen a madadin wanda mai haya ya sare." Ba ta da daɗin karantawa, amma ba wanda zai iya juya ta. Sashe na bakwai kuwa har dariya ya ba shi: "Bayan kammala girbi, shanu za su iya shiga fadamar." Ya ce a ransa, to shanun ne za su yi girbin? Sashe na biyu ya nuna amfanin gonar na mai haya ne, kuma dabbobin mai haya kaɗai aka yarda su shiga. Ya sa sunan a wurare biyun, ya bar "za su iya" yadda ya same ta.

Goma suka warware. Na sha ɗaya ya ƙi. Sashe na tara ne, layi ɗaya tak:

"Da ba da sanarwar wata uku a rubuce, yarjejeniyar za ta ƙare kafin cikar shekara goman."

Wa zai ba da sanarwar? Ya bi takardar daga sama har ƙasa sau uku, babu inda ta faɗa. Mai haya ne kaɗai? Mai gona ne? Ko kowannensu? Ya ja jan layi, ya rubuta a gefe: a tambayi su biyun.

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji Ashiru ya biyo ta ofis, wai ya ga ko an gama. Malam ya nuna masa wurin.

Alhaji ya ce, "Wannan ai ba abin tsayawa ba ne, Malam. Kowa mana. Ni in na ga dama, shi in ya ga dama. Haka muka yi."

"To bari mu ji daga bakin Jafaru."

"Kira shi."

Ya kira sau huɗu, wayar ba ta shiga ba. Ya kira Barista, wayarta a kashe, tana cikin kotu. Alhaji ya gyara zama ya ce gobe jirginsu na Umara yana Kano da yamma, in ba a sa hannu da safe ba sai bayan wata guda, shi kuwa Jafaru yana jira ya fara sharar fadamar kafin lokacin rani ya wuce shi.

"Kai za ka cuce shi da jinkiri, ba ni ba."

Da Alhaji ya fita, Malam ya daɗe yana kallon layin. Bai ji tsoron Alhaji ba, ba a kuma ba shi komai ba. Abin da ya rinjaye shi shi ne fassarar ta yi masa kama da adalci. Da an ce mai gona kaɗai, da ya ƙi. Amma kowannensu? Ai ya yi daidai, ba a fifita kowa ba. Ya ga kamar bai zaɓi ɓangare ba. Sai ya buga: "Idan ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ya ba ɗayan sanarwar wata uku a rubuce, yarjejeniyar za ta ƙare kafin cikar shekara goman." Ya yi niyyar faɗa wa Barista da safe. Daftarin mai jan layi ya sa shi a aljihun tebur, ya ɗora mata bugaggiyar a kan nata teburin.

Da safe ta iso a makare, ga mutane cike da ofis. Ta tambaya daga bakin ƙofa, "Malam, akwai ja?"

Ya dubi Alhaji da ke duba agogo. Ya ce, "An warware."

Ta ɗauka takardar ce ta warware kanta, kamar kullum. Ta bi shafukan da ido, ba ta ga abin da ya saɓa wa doka ba.

Ranar Malam ya fara ganin Jafaru. Dogo ne, bai wuce arba'in ba, ya zo da hularsa ta Juma'a, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ke tsoron ɓata ta. Ba ya karatun boko, don haka Malam ne ya karanta masa takardar, sashe goma sha huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Jafaru yana gyaɗa kai. Da aka gama ya ce, "Baba, ita ce dai wadda aka karanta mana a zaure ko? Ba a canza komai ba?"

Malam ya ce, "Harshe kawai na gyara."

Jafaru ya dangwala yatsa. Malam ya sa hannu a ƙasa, a matsayin wanda ya karanta masa ya kuma ga ya fahimta.

Shekara uku bai sake jin labarin ba, har ya manta. Sai wata safiya ya tarar da Jafaru a ƙofar ofis tun kafin a buɗe, da takarda a naɗe cikin leda. Ya rame, idanunsa sun yi ja.

"Baba, karanta min wannan. An karanta min a gida, amma na ce ƙarya ne."

Sanarwa ce daga Alhaji Ashiru, ta wata uku, bisa sashe na tara. Daga baya aka ji wani babban manomin shinkafa ne ya ga fadamar ta gyaru yana so.

Jafaru ya ce, "Ni kaɗai ke da ikon fita. Haka muka yi a gaban mai unguwa. Na ce masa, Alhaji, zan sayar da shanu in zuba a ƙasarka, in abin ya fi ƙarfina ka bar min ƙofa in fita, amma kai ba za ka tashe ni ba sai shekara goma ta cika. Ya ce ya yarda. Wa zai haƙa rijiya uku ya dasa gwaba ɗari biyu a wurin da za a iya korarsa cikin wata uku?"

Malam ya buɗe ƙofar ofis. Ya shiga ciki, ya jawo aljihun tebur. Daftarin yana nan, da jan layinsa, da rubutun hannunsa a gefe. Da Barista ta zo ya ajiye mata takardun biyu gefe da gefe, ya faɗa mata duk yadda aka yi, bai rage ba.

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na ga kamar daidai ne."

"Ai ba a ce ka ga daidai ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta yi masa bayani a hankali, ba don ta ƙara masa ciwo ba, sai don ya san inda aka tsaya. Da an bar layin yadda Kamaluddeen ya rubuta shi, da alƙali dole ya fassara shi. Zai dubi takardar gaba ɗaya, ya ga shekara goma, ya ga rijiyoyi da itatuwa, ya tambayi kansa me masu hankali za su nufa. Mai yiwuwa ma ya karkatar da shakkar a kan ɓangaren da ya rubuta. Yanzu kuwa babu shakkar. Layin ya fito fes, ba abin fassarawa. Hanya ɗaya ta rage, a roƙi kotu ta gyara takardar, kuma kotu ba ta gyara abin da aka sa wa hannu sai an kawo hujja ƙarara cewa su biyun sun amince da wani abu daban, rubutun ne ya kauce.

Ta ce, "Ni ba zan iya tsaya masa ba, a ofishina aka buga, ni ma shaida ce. Laifin kuma har da ni, da ban nemi daftarin ba. Zan haɗa shi da wani lauya."

Malam ya ce, "Ba za mu iya sake bugawa yadda take a da ba?"

"Bayan an sa hannu? Ko ɗigo ba ma taɓawa sai su biyun sun sake sa hannu. Kana ganin Alhaji zai sa?"

Ya je ya gwada. Ya hau mota har Gwaram, ya zauna a zauren Alhaji daga azahar har la'asar. Alhaji ya fito ya gaishe shi da girmamawa, ya sa aka kawo masa fura.

"Malam, ka tambaye ni na faɗa maka. Kai ka rubuta, kai ka karanta masa, ya dangwala. Ni me na yi?"

Aka shiga kotu. Shekara ɗaya da wata biyar ana kai da kawowa. Mai unguwar da aka yi maganar a gabansa ya riga ya rasu. Kamaluddeen ya ce abin da baffansa ya faɗa shi ne. Wani dattijo mai suna Abu, wanda shi ma yana zauren ranar, ya ce shi dai ya ji an ce shekara goma, sauran ba zai ɗora wa kansa rantsuwa ba. Malam Safiyanu ya hau shaida da daftarin a hannu. Ya faɗi gaskiya. Lauyan Alhaji ya taso.

"Malam, daftarin nan ya ce mai haya ne kaɗai zai ba da sanarwa?"

"Bai ce ba."

"Ya ce mai gona ba zai bayar ba?"

"Bai ce ba."

"Kana zauren da aka yi maganar?"

"Ba na nan."

"Wannan sa hannun naka ne, inda ka ce ka karanta masa ya fahimta?"

"Nawa ne."

Lauyan ya zauna. Ba a buƙaci ƙarin tambaya ba.

Alƙali ya ce ya yarda da shaidar Malam Safiyanu, ya kuma yarda an cike giɓin sashen da maganar ɓangare ɗaya, abin da bai kamata ba. Amma daftarin bai nuna abin da su biyun suka amince da shi ba, shaidu kuma ba su haɗu ba, takardar da aka sa wa hannu kuwa a fili take, an kuma karanta wa mai haya ita. Sanarwar ta tsaya. Sashe na goma sha biyu ya ce duk abin da aka dasa ko aka haƙa yana bin ƙasa in yarjejeniya ta ƙare. Wannan ba wanda ya taɓa shi, haka yake tun daftari.

Mako biyu bayan hukuncin Malam ya tafi Maruta. Bai san abin da zai ce ba, ya dai kasa zama. Ya tarar da Jafaru a bakin fadamar yana kwance bututun ban-ruwa yana naɗewa. Gwabar ta yi 'ya'ya, rassan har sun sunkuya. A gefe ga shanu biyar, daga cikin ashirin da shida da yake da su a da. Matarsa tana ɗaure kwanuka a buhu. Za su koma wurin danginta ta wajen Bauchi.

Malam ya yi sallama, Jafaru ya amsa bai ɗago ba. Can ya ce, "Ka sha hanya, Baba."

"Na zo in nemi gafararka."

Jafaru ya ajiye bututun. Ya goge hannu a rigarsa.

"Na ji abin da ka faɗa a kotu. Da ka ga dama da ka ƙona takardar nan ba wanda ya sani. Na san ba ka ci komai ba." Ya ɗago ya dubi Malam. "Amma ranar nan na ji wurin, ka sani. Na ji ka ce ɗaya daga cikin ɓangarori. Raina bai kwanta ba, shi ya sa na tambaye ka. Da yaro ne ya karanta da na ce a sake. Furfurarka na duba."

Jafaru ya juya ya dubi itatuwan gwabar, sannan ya ƙara da cewa:

"Na yafe maka don Allah, kada ka tafi da shi kabari. Amma ina roƙonka kada ka neme ni inda za ni. Ba na son in riƙa ganinka."

Ya sunkuya ya ci gaba da naɗinsa. Malam ya tsaya kaɗan, ya juya ya kama hanyar bakin titi.

Bai koma ofis ba. Barista ta aika sau biyu, sau na uku ta zo da kanta har gida. Ta ce ta sa sabuwar doka, daga yanzu ba ta duba bugaggiyar takarda sai da daftarinta a gefe, kuma duk tambaya sai an amsa ta a gaban ɓangarorin biyu an rubuta amsar. Ta ce har yanzu ba ta da wanda ya kai shi ido. Ya gode mata, ya ce idon ne ma ya fara ba shi wahala. Ba ƙarya ya yi ba, yanar ido ta fara rufe masa na hagu, amma su biyun sun san ba ita ce dalili ba.

Ya sayar da gidan Birnin Kudu ya koma Wurno, ɗakin da ke kusa da na ƙaninsa. Yana ɗan noma gyaɗa a bayan gida, yana zuwa masallaci, maganarsa ta ƙara raguwa. Shekara biyu da komawarsa hawan jini ya kayar da shi a gona, ya shanye masa gefe ɗaya. Ya yi wata bakwai a kwance, ƙaninsa da matar ƙanin suna juya shi. Ya rasu wata Talata da safe, ana tsakiyar shuka, don haka jana'izar ba ta cika sosai ba. Barista Nasiha ta zo gaisuwa ranar uku, ta zauna da matan gida har azahar, sannan ta koma Birnin Kudu, don tana da masu sa hannu ƙarfe biyu.